Yadda ake warware tambayar tauye haƙƙi a darasin dokar tsarin mulki: daga sashe na 45 zuwa sashe na 46

Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar ɗaliban shari'a ya san wata amsa da ke yawan maimaituwa. Ɗalibi zai kawo haƙƙin da aka taɓa, ya ambaci sashensa daidai, sai ya rubuta cewa babu haƙƙin da ba shi da iyaka, gwamnati kuma ta ce don zaman lafiya ta yi, saboda haka ba ta yi laifi ba. Nan zai ajiye alƙalami. Wannan amsar tana damuna ƙwarai, domin ɗalibin ya tsaya ne daidai inda aikin ya fara. Gwamnati ta furta kalmar "tsaro" ko "zaman lafiya", to wannan iƙirari ne kawai, kuma aikinka shi ne ka tuhumi iƙirarin har ya tabbata ko ya rushe. Wanda ya saba karɓar iƙirari haka nan a aji, gobe shi ne lauya ko alƙalin da zai karɓe shi a kotu, alhali akwai mutum a tsare yana jiran hukunci.

Zan yi aiki da kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, inda muhimman haƙƙoƙi suke a Babi na Huɗu, sashe na 33 zuwa na 46. Amma jerin tambayoyin zai yi maka aiki da kusan kowane kundi da ke da jerin haƙƙoƙi da sashen iyakance su.

Ga tambayar da za mu yi aiki da ita, irin wadda malami kan ƙirƙira don jarrabawa. Wata ƙungiyar ma'aikatan da suka yi ritaya ta sanar da 'yan sanda cewa za ta yi tattaki na lumana ranar Litinin a kan kuɗin fansho da ba a biya ba. Ranar Lahadi kwamishinan 'yan sanda ya ba da sanarwa a rediyo cewa an haramta duk wani taro na sama da mutum 20 a faɗin jihar sai yadda hali ya yi, saboda rahoton cewa ɓata-gari za su shiga cikin tattakin. Ƙungiyar ta fita duk da haka. Aka tarwatsa su, aka kama sakatarensu, aka tsare shi kwana biyar ba tare da an kai shi kotu ba, ga shi kuwa kotun majistare ba ta fi kilomita 3 daga caji ofis ɗin ba. An ce ka ba ƙungiyar shawara.

Mataki na farko: raba haƙƙoƙin, kowanne da sashensa

Kada ka rubuta "an take musu haƙƙi" a dunƙule. A labarin nan abubuwa biyu ne suka faru, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Hana tattakin ya taɓa 'yancin taruwa na sashe na 40, ya kuma taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki na sashe na 39, tunda tattakin hanya ce ta isar da koke. Tsare sakataren kuwa ya taɓa 'yancin walwala na sashe na 35.

A wannan matakin nauyin hujja yana kan mai ƙara. Shi zai nuna cewa abin da yake yi yana cikin inuwar haƙƙin, kuma hukuma ta shiga tsakaninsa da shi. Ka lura da abu ɗaya a nan: fanshon da ba a biya ba shi ne dalilin tattakin, amma ba shi ne haƙƙin da za ka kai kotu ta wannan hanyar ba. Za ka ga amfanin wannan rarrabewar idan muka zo batun shigar da ƙara.

Mataki na biyu: duba ko sashe na 45 ya shafi haƙƙin ma tukuna

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar sashe na 45 tamkar mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa. Ba haka yake ba. Ƙaramin sashe na ɗaya ya ambaci sassa biyar kacal: na 37 (sirri), na 38 (tunani da addini), na 39 (faɗin albarkacin baki), na 40 (taruwa da kafa ƙungiya) da na 41 (zirga-zirga). Sashe na 35 ba ya cikinsu. Haka ma na 34 mai kare mutuncin ɗan Adam da haramta azabtarwa, da na 36 mai tabbatar da shari'a ta adalci.

Ma'anar wannan ga tambayarmu ita ce, 'yan sanda ba za su iya kare tsare sakataren da cewa "don zaman lafiya ne" ba. Sashe na 35 yana ɗauke da nasa iyakokin a cikinsa, kuma a can kaɗai za su nemi mafaka. Hanya guda da sashe na 45 ke taɓa sashe na 35 ita ce ta ƙaramin sashe na biyu, wato lokacin dokar ta-ɓaci da shugaban ƙasa ya ayyana bisa sashe na 305, kuma sai da dokar Majalisar Tarayya. A labarinmu babu dokar ta-ɓaci. Layi biyu sun ishe ka ka rufe wannan ƙofar.

Mataki na uku: ina dokar?

Sashe na 45(1) cewa ya yi waɗancan haƙƙoƙi biyar ba za su soke wata doka ba, matuƙar dokar tana da hujjar da hankali zai karɓa a al'umma mai bin dimokuraɗiyya. Kalmar farko da za ka kama ita ce "doka". Abin da sashen yake karewa doka ce, ba sanarwar rediyo ba, ba takardar umarni daga ofis ba, ba kuma ra'ayin jami'i ba, komai girman muƙaminsa. Saboda haka tambayarka ta farko ga gwamnati ita ce: wace doka ce ta ba kwamishinan ikon haramta taro a faɗin jiha?

Wannan tambayar kaɗai ta isa ta kayar da gwamnati a wasu shari'o'in. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yuni na 2021, Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa matakin ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma rashin dokar da aka dogara da ita yana cikin manyan dalilanta.

A tambayarmu, 'yan sanda za su ɗauko Dokar Kiyaye Zaman Lafiyar Jama'a, wadda ta tanadi neman izini kafin taro ko jerin gwano. A nan ne za ka kawo shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP. Asalinta, an tarwatsa wani gangamin jam'iyyar a Kano a watan Satumba na 2003 bisa dalilin rashin izini. Babbar Kotun Tarayya ta ce sharaɗin izinin ya saɓa wa kundi, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da haka a 2007, a hukuncin da Mai Shari'a Adekeye ta jagoranta. Kada ka tsaya a ambaton sunan shari'ar, ka faɗi dalilinta: haƙƙin da sai ka roƙi jami'i ya yarda kafin ka mora ya tashi daga haƙƙi ya koma alfarma, kuma dokokin laifuffuka sun riga sun tanadi hukunci ga duk wanda ya tayar da tarzoma.

Ko da ka gamsu cewa gwamnati ta faɗi a wannan matakin, kada ka tsaya. Rubuta cewa "ko da kotu za ta ga akwai doka", sannan ka wuce gaba. Mai duba takarda yana son ya ga ka iya sauran aikin, lauya nagari ma ba ya rataye shari'arsa a ƙusa ɗaya.

Mataki na huɗu: manufar tana cikin jerin?

Sashen ya jera manufofin da aka yarda da su: tsaron ƙasa, amincin jama'a, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a, lafiyar jama'a, sai kuma kare haƙƙin wasu mutane. Hana ɓata-gari tayar da rikici ya shiga ƙarƙashin zaman lafiya, don haka gwamnati ta tsallake nan cikin sauƙi, kamar yadda takan tsallake kusan kullum. Abin da za ka sa wa ido kawai shi ne ko manufar da aka faɗa ita ce ta gaskiya. Kare gwamnati daga jin kunya ba ya cikin jerin. Idan labarin ya nuna an bar gangamin magoya bayan gwamnati ya gudana a makon, ka ɗauko wannan, domin yana nuna ba taro ake tsoro ba, saƙon masu taron ake gudu.

Mataki na biyar: hujjar da hankali zai karɓa

Nan ne zuciyar amsar, kuma nan ne ya kamata rabin rubutunka ya tafi. Kundin bai fayyace yadda ake auna wannan hujjar ba. Tsofaffin hukunce-hukunce sun fi karkata ga majalisa. A shari'ar Chike Obi ta 1961, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta amince da dokar tunzura jama'a duk da 'yancin faɗin albarkacin baki. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, a shari'ar Arthur Nwankwo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar nan ba ta dace da kundin 1979 ba, tana ganin ta a matsayin gadon mulkin mallaka da bai kamaci 'yantattun mutane ba. Lafazin iyakancewar kusan iri ɗaya ne a kundin 1960, wanda aka yi shari'ar Chike Obi a ƙarƙashinsa, da na 1979. Abin da ya canza shi ne zurfin binciken da kotu ta yarda ta yi.

Don ka tsara naka binciken, aro ma'aunin da Kotun Ƙolin Kanada ta shimfiɗa a shari'ar Oakes a 1986, wanda sashe na 36 na kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya rubuta makamancinsa ƙarara. Ka faɗa a fili cewa waɗannan ba su ɗaure kotunan Nijeriya ba, haske kawai suke bayarwa. Bayan an yarda manufar tana da nauyi, ma'aunin yana da tambayoyi uku.

Ta farko: matakin yana kaiwa ga manufar? Hana taro zai iya rage haɗarin rikici, don haka akwai alaƙa. Amma ka tambayi ina adadin 20 ya fito, me ya sa mutum 19 ba haɗari ba ne, 21 kuwa haɗari. Idan gwamnati ba ta da amsa, adadin son rai ne.

Ta biyu ita ce mai yanke hukunci a mafi yawan lokuta: akwai wata hanyar da za ta cim ma manufar ba tare da ta tauye haƙƙin haka ba? Kada ka ce "akwai hanyoyi da dama" ka wuce. Lissafo su daga cikin labarin. Ƙungiyar ta ba da sanarwa tun da wuri, don haka 'yan sanda suna da lokacin da za su tura jami'ai su raka tattakin. Suna iya zama da shugabannin su canza hanya ko su taƙaita sa'o'i. Idan sun san ɓata-garin, su ne abin kamawa. Sannan ka auna faɗin haramcin ta fuska uku: wuri, lokaci da mutane. Barazanar titi ɗaya ce a rana ɗaya, haramcin kuwa ya mamaye jiha gaba ɗaya, ba shi da ranar ƙarewa, kuma ya haɗa har da tarukan da ba ruwansu da fansho. Laifin wani aka ɗora wa wani: waɗanda ake tsoro daban, waɗanda aka hana daban. Da za a yarda da wannan dabarar, duk mai son a hana wani taro sai kawai ya yi barazanar kai masa hari.

Ta uku: ribar ta kai asarar? Ribar ita ce kauce wa rikicin da ake zato, bisa rahoton da ba a nuna wa kowa ba. Asarar kuwa tabbatacciya ce, an toshe bakin tsofaffin da ba su da wata hanyar matsa wa gwamnati lamba face fitowa a gan su.

Adalci ya wajabta ka gina wa gwamnati hujjarta mafi ƙarfi, kuma amsar da ba ta yi haka ba gurguwa ce. Ka ɗauka an yi rikici da asarar rayuka a unguwar kwana biyu kafin tattakin, haramcin ya tsaya a unguwar kaɗai, na kwana uku ne, kuma akwai doka bayyananniya da ta ba da ikon. A wannan yanayin ni kaina zan ce haramcin zai iya tsayawa. Nuna wa mai duba takardarka cewa ka san waɗanne bayanai ne idan suka canza hukuncin zai canza.

Game da wanda nauyin hujja ke kansa a wannan matakin, shari'ar Oakes ta ɗora shi a kan gwamnati. A Nijeriya lauyan gwamnati zai tuna maka ƙa'idar da ke cewa ana ɗaukar kowace doka sahihiya ce har sai an nuna akasin haka. Amsarka ita ce, mai neman fakewa da togiya shi ke tabbatar da ita, kuma rahoton sirrin yana hannun 'yan sanda, ba hannun 'yan fansho ba.

Mataki na shida: tsarewar

Wannan ya fi sauƙi domin lissafi ne. Sashe na 35(1) ya yarda a kama mutum bisa zargi mai tushe cewa ya aikata laifi. To wane laifi? Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta fayyace tare da hukuncinsa, saɓa wa sanarwar rediyo kuwa ba ya cikin wannan. Ko da kamun ya halatta, dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai in kotu ta ga dalilin ƙari. Kotu tana kilomita 3, an riƙe shi kwana biyar, laifin kuma ba na hukuncin kisa ba ne. Da zarar an tabbatar an tsare mutum, wanda ya tsare shi ne zai nuna halaccin tsarewar.

Mataki na bakwai: kai maganar kotu

Sashe na 46(1) ya ba duk wanda ya yi iƙirarin an keta masa haƙƙi, ko ana kan ketawa, ko akwai alamar za a keta, damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru. Kada ka manta da na ukun. Da ƙungiyar ta zo maka ranar Lahadi, kana iya neman kotu ta hana tarwatsawar tun kafin ta auku.

Hanyar shigar da ƙarar tana cikin Ƙa'idojin Aiwatar da Muhimman Haƙƙoƙi na 2009, waɗanda Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar, suka maye gurbin na 1979. Idan littafin da kake karantawa ya ce sai an nemi izinin kotu tukuna, ko sai cikin wata 12, to tsohon tsari yake ba ka. Ƙa'idojin 2009 sun cire neman izinin, sun cire wa'adin, kuma gabatarwarsu ta umarci kotuna kada su kori ƙarar haƙƙi don kawai mai ƙarar ba shi abin ya shafa kai tsaye ba. Suna kuma ba da damar dogaro da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda ta zama dokar cikin gida tun 1983, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da matsayinta a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Sashenta na 11 ya kare 'yancin taruwa, sai ka haɗa shi da sashe na 40.

Takardun su ne takardar buɗe ƙara, da bayani mai ɗauke da sunan mai ƙara da abin da yake nema da dalilansa, da takardar rantsuwa mai zayyana abin da ya faru, da hujjojin lauya a rubuce. Idan mai ƙarar yana tsare, wanda ya san lamarin zai iya rantsewa a madadinsa. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, mai ƙara yana da wasu kwana 5, kuma ƙa'idojin sun ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7 da shigarwa. Yawanci ba a kiran shaidu, a kan takardun rantsuwa ake yanke hukunci, don haka abin da ba ka rubuta ba tamkar bai faru ba ne. Sa ranar kamu, da sa'a, da sunan caji ofis, da nisan kotu, da kwafin wasiƙar sanarwar da ƙungiyar ta kai.

Yanzu mu koma kan fanshon. Kotun Ƙoli ta daɗe tana cewa sai haƙƙin ya zama shi ne ainihin ƙarar, ba ɗan rakiya ba. Shari'ar Tukur da Gwamnatin Jihar Gongola ta faɗi ne domin asalin rigimar sauke sarki ce, shari'ar Sea Trucks da Anigboro ta 2001 kuma domin asalinta korar ma'aikaci ce. Idan ka sa biyan bashin fansho a matsayin babbar buƙata, ka miƙa wa lauyan gwamnati sandar da zai kori ƙarar da ita tun ba a shiga cikinta ba. Fansho yana da tasa ƙarar daban.

Abin da za ka nema shi ne kotu ta ayyana cewa haramcin da tarwatsawar sun saɓa wa sashe na 39 da na 40, ta ayyana cewa tsarewar ta saɓa wa sashe na 35, ta hana 'yan sanda sake tsoma baki a tattakin lumana na ƙungiyar, sannan ta ba sakataren diyya da neman gafara a bainar jama'a, waɗanda sashe na 35(6) ya tanada ƙarara. Idan wani tanadin doka kake ƙalubalanta, dogara da sashe na 1(3), wanda ya ce duk dokar da ta ci karo da kundi ta ɓaci gwargwadon cin karon, kuma ka sa Antoni Janar cikin waɗanda ake ƙara. Rubuta kowace buƙata a layinta tare da ranar da abin ya faru da sashen da aka keta, domin a ƙa'ida kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba.